Tsakanin maki 6 da 7: inda rubutun IELTS ke kayar da masu jin Turanci

Akwai wani irin sakamako da malaman da ke horar da masu zana IELTS suka saba gani har ya daina ba su mamaki: sauraro 8, karatu 7.5, magana 7.5, rubutu 6. Idan aka haɗa huɗun aka raba, za a samu 7.25, kuma ƙa'idar jarrabawar ita ce a ɗaga shi ya koma 7.5. Duk wanda ya ga wannan takarda zai ce mai ita ya iya Turanci, kuma gaskiya ne, ya iya. Amma idan nas ce da ke neman rajista a Birtaniya, hukumar NMC tana son 7 a sauraro da karatu da magana, sannan aƙalla 6.5 a rubutu. Idan likita ne, hukumar GMC tana son 7.5 a jimlace, kuma kada wani ɓangare ya gaza 7. Idan mai neman zama ne a Kanada ta tsarin Express Entry, kuma yana harin matakin CLB 9 da ke ɗaga masa maki sosai, sai rubutunsa ya kai 7. Dukansu ukun, wannan 6 ɗin da ke gaban rubutu ya tsayar da su a bakin ƙofa, sai sun sake neman kuɗin rajista, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai albashin naira.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da yawanci ke biyo baya. Mutum ya koma gida ya yanke wa kansa hukuncin cewa kalmominsa ne suka yi ƙaranci, sai ya sayi littafin manyan kalmomi, ya shiga wani zauren WhatsApp da ake raba jimlolin da aka ce suna kawo maki 9, ya haddace, ya koma ya sake samun 6. Wasu har su fara zargin cewa da gangan ake danne makin domin a ci kuɗinsu. Alhali ma'aunin da ake duba takardar da shi a buɗe yake ga kowa, kuma abin da ya faɗa ya sha bamban da abin da ake yayatawa a zauruka.

IELTS ta fara aiki a 1989, kuma hukumomi uku ne suka mallake ta tare: British Council, da IDP ta Ostireliya, da sashen jarrabawar Turanci na Cambridge. Ɓangaren rubutu minti 60 ne, kuma ayyuka biyu ne a ciki. Na farko, wanda za ka gani a rubuce da sunan Task 1, yana son kalma 150 zuwa sama, ana kuma ba da shawarar a ba shi minti 20. Mai zana nau'in Academic zai bayyana abin da ke cikin wani zanen ƙididdiga, ko jadawali, ko taswira, ko matakan yadda ake sarrafa wani abu. Mai zana General Training wasiƙa zai rubuta. Na biyu, Task 2, insha'i ne na kalma 250 zuwa sama cikin kimanin minti 40, kuma nauyinsa ya ninka na farko sau biyu. Wanda ya ci 6 a na farko da 7 a na biyu, lissafinsa ya kama 6.67. Wanda ya ci 7 a na farko da 6 a na biyu ya tsaya a 6.33. Saboda haka a kan insha'in za mu fi tsayawa, domin a nan ne rabin makin da ake nema yake ɓacewa.

Abin da mai duba takarda ke nema

Kowane aiki ana auna shi da ma'auni huɗu, kuma kowanne kashi ɗaya ne bisa huɗu na makin. Na ɗaya, shin ka amsa tambayar da aka yi maka, dukanta, kuma ka faɗaɗa amsar? Na biyu, shin tunaninka ya jeru, mai karatu yana bin ka daga jimla zuwa jimla ba tare da ya yi tuntuɓe ba? Na uku kalmomi ne: yawansu, dacewarsu da wurin da aka sa su, da daidaiton haruffansu. Na huɗu nahawu ne, wato ire-iren ginin jimla da ka yi amfani da su da kuma yawan kurakuran da ke ciki. An wallafa cikakken bayanin a takardar da ake kira Writing Band Descriptors, an kuma sabunta ta a 2023. Shafuka kaɗan ne, kyauta ne a shafin intanet na IELTS, amma a cikin waɗanda ke kawo min rubutunsu in duba, da wuya ka samu wanda ya taɓa zama ya karanta ta.

Wanda ya karanta zai lura cewa rabin makin ba ya ma kan Turanci yadda muke fahimtar iya Turanci. Ma'auni na ɗaya da na biyu tunani suke aunawa da tsari. A na ɗaya, takardar maki 6 ta taɓo manyan sassan tambayar, tana da matsaya, amma wasu dalilanta ba su faɗaɗa ba, kuma kammalawarta kan zo a dagule ko a maimaice. Takardar maki 7 tana da matsaya bayyananniya da aka gina, an kuma tallafi manyan dalilanta. A na biyu, takardar maki 6 tana amfani da kalmomin haɗi, amma kamar inji ne ya jera su, ko an cika su fiye da kima. A nahawu kuwa, takardar 6 tana da kurakurai da ba sa hana fahimta, ita kuma ta 7 tana da jimloli masu yawa da babu kuskure ko ɗaya a cikinsu. Babu inda aka ce sai ka kawo kalmar da mai duba takarda zai buɗe ƙamus kafin ya gane ta.

A nan ne tarbiyyar makarantunmu ke shigowa. Wanda ya yi sakandare a Najeriya ko Ghana ya taso da insha'in WAEC mai kalma kusan 450, da kuma gasar muhawara inda ake yaba wa mai ƙawata magana. An koya mana buɗe rubutu da doguwar shimfiɗa, a kawo karin magana, a ambaci yadda abin yake tun zamanin kaka da kakanni, sannan a gangaro kan batu a hankali. A Hausa ma haka ladabin magana yake, ba a faɗa wa mutum buƙata kafin a gaisa. Wannan ɗabi'a ce mai kyau a muhallinta. Amma a insha'in kalma 270, shimfiɗar kalma 70 ta cinye kashi ɗaya bisa huɗu na filin ba tare da ta amsa komai ba.

Sai kuma hadda. Mu mutane ne da suka ƙware a hadda, kuma masu sayar da tsararrun jimloli sun san haka. Matsalar ita ce masu duba takarda an horar da su su gane haddadden rubutu, kuma ba wuyar ganewa gare shi ba: jimla ta farko ta zo sumul cikin Turanci mai nauyi, ta biyu, wadda ɗalibin ya gina da kansa, ta zo da kuskure uku, ta uku ta sake komawa sumul. Abin da aka haddace ba ya nuna iyawar mai rubutu, don haka ba ya ƙara masa komai, kuma ma'aunin ya tanadi sifili ga amsar da aka tabbatar haddaddiya ce gaba ɗaya. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Tambaya guda, rubutu biyu

Bari mu ɗauki tambaya irin wadda ake yi, mu bi ta daki-daki. A ce an rubuta cewa wasu mutane na ganin ya kamata gwamnati ta kashe kuɗin kiwon lafiya wajen gina asibitoci a karkara maimakon inganta waɗanda ke birane. Sai a rufe da wannan umarni: “To what extent do you agree or disagree?” Wato ana tambayar ka gwargwadon yadda ka yarda ko ka ƙi.

Mu ɗauka wata nas ce ta zauna gaban wannan tambaya, wadda ta yi shekaru tana aiki a asibitin gwamnati, ta kuma san batun fiye da mai duba takardar. Ga yadda rubutunta na farko kan kasance, kuma na ga irinsa da yawa. Gabatarwa ta fara da cewa lafiya uwar jiki ce, kuma tun fil azal ɗan Adam ke neman magani, ta ƙare da alkawarin cewa wannan insha'i zai duba ɓangarorin biyu. Sakin layi na biyu ya jero amfanin asibitin karkara guda huɗu: yana rage mace-mace, yana samar da aikin yi, yana rage ƙaura zuwa birni, yana kawo ci gaba. Kowanne jimla ɗaya aka ba shi, kowacce jimla kuma ta buɗe da kalmar haɗi, daga “Firstly” zuwa “Moreover” zuwa “Furthermore”. Sakin layi na uku ya jero amfanin asibitin birni haka nan. Na huɗu ya koma kan cin hanci da yadda ake wawure kuɗin lafiya, domin abin yana ci mata tuwo a ƙwarya. Kammalawa ta ce duka biyun na da muhimmanci, kuma ya kamata gwamnati ta yi abin da ya dace. Kalma 320, Turanci mai fahimtuwa, kuma ta fito tana jin ta yi ƙoƙari.

Wannan takardar 6 ce, kuma ana iya nuna dalilin da yatsa. Zuciyar tambayar tana cikin kalmar “maimakon”: kuɗin ba su isa a yi duka biyun ba, wanne za a fifita? Ita kuwa ta amsa wata tambaya dabam da ba a yi mata ba, wato mene ne amfanin asibiti. An tambaye ta gwargwadon yardarta, amma har aka kai ƙarshe mai karatu bai san inda ta tsaya ba. Dalilai takwas ta kawo, babu ɗaya da ta bi har ya nuna yadda abu ke haifar da abu. Sakin layin cin hanci kuwa, duk gaskiyarsa, ya fita daga batu. Lura cewa ba mu ma taɓo nahawu ba tukuna, amma rabin makin ya riga ya tsaya a 6.

Yanzu a ce ta sake zama, ta kuma yarda ta kashe minti biyar na farko ba ta rubuta komai a filin amsa ba. A cikin mintunan nan tambaya uku za ta yi wa kanta. Me aka ce in zaɓa tsakaninsu? Ina na tsaya? Waɗanne dalilai biyu ne zan iya bi har ƙarshe? Za ta iya yin wannan tunani da Hausa, babu laifi, domin tunani ya fi gudu a harshen da mutum ya tashi da shi. Abin da ake gudu shi ne gina cikakkiyar jimla da Hausa sannan a juya ta kalma bayan kalma. A rubuta ƙashin bayan da 'yan kalmomi, jimlolin kuma a gina su kai tsaye da Turanci.

Sai ta yanke cewa ta yarda da mafi yawan ra'ayin, amma da iyaka. Gabatarwarta jimla biyu ce. Ta farko ta sake faɗin batun da kalmominta. Ta biyu ta ajiye matsayar: “I largely agree, because distance is the main barrier to care in rural areas, although city hospitals still need enough funding to treat the patients referred to them.” Babu kalma ɗaya mai wuya a ciki. Amma jimlar ta faɗi gwargwadon yardar, ta faɗi dalili, ta faɗi iyaka, kuma ta sanar da mai karatu abin da sakin layi biyu masu zuwa za su ƙunsa. Ta kuma nuna ginin jimla mai sarƙaƙiya ba tare da an tilasta shi ba, domin tunanin da kansa ne ya buƙaci “because” da “although”.

Sakin layi na biyu dalili ɗaya tak zai ɗauka, wato nisa. Jimlar farko ta faɗe shi: a karkara, abin da ke kashe marar lafiya sau da yawa shi ne tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a isa wurin magani. Daga nan sai ta tambayi kanta, ta yaya? Amsar ita ce jimla ta biyu: wasu larurori, kamar zubar jini bayan haihuwa, ba sa jiran tafiyar awanni a kan hanya marar kyau. Sai misali daga aikinta: matar da ta haihu a ƙauye da dare, aka ɓata lokaci wajen neman mota, aka iso asibitin birni jini ya riga ya ƙare mata. Sai ta sake tambaya, to sai me? Jimla ta gaba ta amsa: komai kyan na'urorin da aka zuba a asibitin birni, ba su amfani matar da ba ta iso da rai ba, alhali ƙaramin asibiti mai ungozoma da magani kusa da ita zai iya tsayar da jinin. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta mayar da sakin layin kan “maimakon” da tambayar ta ginu a kai. Jimla biyar ko shida, kalma wajen 90, kuma kowacce ta fito daga cikin wadda ta gabace ta, har ba a buƙatar a manna mata “Moreover” a goshi.

Sakin layi na uku shi ne iyakar. Gini kaɗai ba asibiti ba ne idan babu ma'aikata, kuma ƙaramin asibiti ba zai yi tiyatar ƙwaƙwalwa ko wankin ƙoda ba, dole ya tura irin waɗannan zuwa birni. Idan aka bar asibitin birni ya lalace, mutumin karkarar da aka turo shi ne zai fara shan wahala. Saboda haka a ba karkara kaso mafi tsoka, a bar wa birni abin da zai riƙe ayyukan ƙwararru. Kammalawa jimla biyu ce da ke maimaita wannan hukunci da wasu kalmomi, ba tare da sabon dalili ba. Duka-duka kalma 270 zuwa 290. Ya fi na farko gajarta, dalilansa biyu ne a maimakon takwas, kuma shi ne ke da siffar da ma'aunin ya bayyana a maki 7.

Abu biyu ya kamata a ƙara a nan. Umarnin jarrabawar da kansa ya ce a kawo misalai daga sani ko gogewar mai rubutu, don haka misalin ƙauye ko na asibitin da mutum ke aiki karɓaɓɓe ne, ba sai an ƙirƙiro wani binciken jami'ar Turai da alƙaluman ƙarya ba. Sannan ba a ba da maki don ra'ayinka ya yi daidai da na mai duba takarda. Da ta zaɓi ta ƙi yarda gaba ɗaya, ta kuma kare hakan da irin wannan tsari, makin ɗaya ne. Abin lura shi ne umarnin yana sauyawa. Idan aka ce “Discuss both these views and give your own opinion”, abu uku ake bin ka: ra'ayi na farko, na biyu, da naka. Wanda ya bar ɗaya bai amsa dukan tambayar ba, ko da Turancinsa ya kai na Sarkin Ingila.

Hausar da ke kwance a ƙarƙashin Turancin

Idan tsari ya gyaru, abin da ya rage shi ne jimloli marasa kuskure, kuma a nan harshen uwa yana da hannu. Kurakuran mai Hausa ba barkatai suke ba, suna da asali, kuma da yake suna da asali ana iya farautarsu. Ga jimlar da za a iya samu a takardar nas ɗinmu: “Lack of equipments in rural area have made many patient to travel.” Kowa ya gane abin da take nufi. Amma kuskure ya kai biyar a jimla mai kalma 12. Daidai ita ce: “A lack of equipment in rural areas has forced many patients to travel.”

Kowane kuskure a nan yana da tushe. A Hausa muna jam'inta shawara ta zama shawarwari, bayani ya zama bayanai, kayan aiki kuma a jam'i muke jin su, sai hannu ya ƙara harafin jam'i a kan “equipment” da “advice” da “information”, waɗanda Turanci ba ya ƙirga su. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci abin ya zame musu biyu, domin Faransanci ma yana jam'inta irin waɗannan kalmomi. Aikatau a Hausa ba ya sauya siffa don mai aikin ɗaya ne ko da yawa, wakilin suna ne ke ɗaukar wannan nauyi: yaro ya tafi, yara sun tafi. Shi ya sa bambancin “has” da “have” ke zamewa idan an yi nisa da mai aikin, shi ya sa kuma wani kan rubuta “The government it should”, domin a zuciyarsa “gwamnati ta” yake ji. Hausa ba ta da kalmomin da suka yi daidai da “a” da “the” ta kowace fuska, don haka ko a bar su inda ake buƙata ko a cusa su inda ba a so. Sannan akwai doguwar jimlar da ake ta ɗinkawa da waƙafi, irin yadda muke jan zance da “sai” da “kuma”, har a yi layi huɗu ba a ga aya ba.

Maganin da na ga yana aiki ba sake karanta littafin nahawu daga bango zuwa bango ba ne. Ka rubuta insha'i uku ko huɗu cikin lokaci, ka kai wa wanda ya san ma'aunin ya ja layi a ƙarƙashin kowane kuskure, sannan ka zauna ka kasa kurakuran gida-gida. Kusan kullum za ka tarar gida uku ko huɗu ne suka kwashe mafi yawansu. Waɗannan su ne naka, kuma su za ka nema a minti biyar na ƙarshe a ɗakin jarrabawa, ɗaya bayan ɗaya: zagaye guda ka duba sunaye kaɗai, ko suna buƙatar jam'i ko “a” ko “the”, zagaye na biyu ka duba kowane aikatau da mai aikinsa. Ido ba ya kama komai idan an ce masa ya nemi komai a lokaci guda.

Akwai kuma gwajin da mutum zai yi wa ci gabansa. Insha'in kalma 280 yakan ƙunshi jimla 14 zuwa 18. Bayan an duba maka, ƙirga jimlolin da suka fita babu jan layi ko ɗaya. Ma'aunin bai ba da adadi ba, cewa kawai ya yi su yawaita, amma a nawa ganin wanda tsabtatattun jimlolinsa ba su kai rabi ba bai kamata ya sa ran 7 a nahawu ba. Wannan ƙirga tana kuma nuna illar cusa manyan kalmomi: duk kalmar da ba ka san abokan tafiyarta ba, jimla guda ce ka sadaukar. Ma'aunin kalmomi yana duba ko ka san wace kalma ce ke zama kusa da wace, kuma ana koyon wannan ne ta karanta rubutu mai kyau, kamar sharhin jaridu, ana kwafe gungun kalmomi uku ko huɗu tare, maimakon kalma ɗaya da ma'anarta.

Aiki na farko, a taƙaice

A nau'in Academic, abu ɗaya ne ya fi kayar da mutane, wato rashin taƙaitaccen hoton abin da zanen ke nunawa gaba ɗaya. A ce an ba ka zane mai layi uku da ke nuna yadda amfani da gawayi da kananzir da gas ya sauya a wata ƙasa cikin shekara 20. Mai maki 5 zai bi layin farko shekara bayan shekara yana karanto lambobi, ya koma na biyu, ya koma na uku. Wanda ke neman 7 zai ja da baya ya fara faɗin abin da ido ke gani daga nesa, cikin jimla biyu marasa lamba: gas ya tashi daga na ƙarshe ya zama na farko, kananzir ya faɗi warwas, gawayi bai motsa sosai ba. Sannan ya zaɓi lambobin da ke tabbatar da hakan, na farko da na ƙarshe da inda layuka suka gitta juna, ya kwatanta su. Ma'aunin ya ambaci wannan taƙaitawa ƙarara a matsayin sharaɗin maki 7. Kuma ba a son dalili ko ra'ayi a nan. Idan zanen bai ce tsadar kananzir ce ta jawo faɗuwarsa ba, kai ma kada ka ce, ko da ka san haka ne a garinku.

A wasiƙar General Training kuwa, ana ba da abubuwa uku da za a taɓo, kuma kowanne yana son nasa sakin layi. Sai a kula da murya: wasiƙar aboki dabam, ta manajan kamfani dabam, kuma kada a fara da ɗaya a ƙare da ɗaya. Doguwar gaisuwa da tambayar iyali da muka saba buɗe wasiƙa da su, jimla ɗaya ta ishe su a wasiƙar aboki, a ta hukuma kuwa jimlar farko ita ce ke faɗin dalilin rubutun.

Da yake aiki na biyu ya fi nauyi, wasu malamai kan ce a fara da shi. Ana iya yin haka, domin an bar wa mai zanawa ya raba sa'arsa yadda ya so. Haɗarin shi ne a zarce minti 40 a bar wa na farko minti goma, a kuma kasa kai kalma 150. Duk tsarin da mutum ya zaɓa, ya gwada shi a gida da agogo a gabansa har ya zame masa jiki.

Wanda zai zana a kwamfuta yana da sauƙi biyu: allon yana nuna masa adadin kalmominsa, kuma yana iya matsar da jimla ba tare da gogewa ba. Amma babu mai gyara masa haruffa. Wanda ya saba rubutu a waya, inda wayar ke ƙarasa masa kalma, zai sha mamakin yawan kalmomin da bai san yadda ake rubuta su ba. Atisaye ya zama a kan kwamfuta mai madannai, a kashe mai gyaran haruffa, a kuma yi cikakken minti 60 ba tare da tashi ba.

Idan sakamako ya fito rubutu ya gaza da rabin maki, hanya uku ce. Akwai neman a sake duba takardar, abin da ake kira Enquiry on Results, wanda ake nema cikin mako shida daga ranar jarrabawa, ana biya, ana kuma mayar da kuɗin idan makin ya ƙaru. Ya fi dacewa da wanda malamin da ya san ma'auni ya saba ba shi maki sama da abin da ya fito. Akwai One Skill Retake, da ke ba wanda ya zana a kwamfuta damar sake ɓangare ɗaya kacal cikin kwana 60, sai dai ba kowace cibiya ke yi ba, kuma ba kowace hukuma ke karɓar sakamakonsa ba, don haka a duba shafin hukumar da za a kai wa takardar kafin a biya. Ta uku ita ce sake jarrabawar gaba ɗaya. Kwana 60 sun isa a rubuta insha'i goma sha biyu zuwa sha biyar, a duba kowanne, a kuma sake rubuta shi bayan gyara kafin a taɓa sabuwar tambaya. Wanda ƙirgar tsabtatattun jimlolinsa ba ta motsa ba a tsawon wannan lokaci, gara ya ɗaga ranar ya ƙara wata biyu ko uku, domin yawancin hukumomi shekara biyu suke karɓar sakamako daga ranar da aka zana, kuma lissafin yana farawa ne daga zaman da ya ba da makin da ake nema.